Yadda ake warware rashin daidaito mai ɗauke da ⌊x⌋, a kuma ƙirga cikakkun lambobin da suka dace

Ɗalibai da malaman lissafi sun sha turo mini tambaya iri ɗaya: an ba da rashin daidaito mai ɗauke da alamar ⌊ ⌋, an ce a faɗi yawan cikakkun lambobin da suka cika sharaɗin daga kaza zuwa kaza, sai amsarsu ta saɓa da ta littafi da lamba ɗaya tak. Kusan kullum wannan ɗayan a bakin iyaka take ɓacewa, don haka a bakin iyakar za mu fi daɗewa.

Alamar ⌊x⌋, wadda zan riƙa kira baka mai ƙafa, tana nufin cikakkiyar lamba mafi girma da ba ta wuce x ba. A kwamfuta `floor(x)` ake rubutawa. Kayan aiki ba su da yawa: takarda, fensir, da layin lambobi da za ka zana da hannunka. Idan kana da waya ko kwamfuta mai Python ko Excel, za ta yi amfani a mataki na ƙarshe, amma aikin ba ya jiranta.

Ga tambayar da za mu bi daga farko har ƙarshe:

Cikakkun lambobi n nawa ne, daga −10 zuwa 50, suka cika −5 < ⌊(3n − 7)/4⌋ ≤ 20?

Lambobi 61 ne a tsakanin −10 da 50. Kana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, amma a zauren jarrabawa ba ka da wannan lokacin. Hanyar da ke ƙasa layi kaɗan ce, sai gwaji huɗu.

Mataki na 1: Tabbatar ka iya saukar da lamba

Kafin ka taɓa tambayar, zana layin lambobi ka sa ɗigo a kan 2.7. Cikakkiyar lambar da ke hagunsa ita ce 2, saboda haka ⌊2.7⌋ = 2. Idan ɗigon ya faɗa daidai kan cikakkiyar lamba, ba ya motsi: ⌊5⌋ = 5.

Yanzu sa ɗigo a kan −4.75. Yana tsakanin −5 da −4, kuma wadda ke hagunsa ita ce −5. Ke nan ⌊−4.75⌋ = −5.

Hattara: mutane da yawa sun saba da cewa aikin baka mai ƙafa shi ne a goge abin da ke bayan ɗigo. Wannan yana tafiya daidai muddin lambar tana sama da sifili. Da zarar ta koma ƙasa da sifili, gogewar za ta ba ka −4 a maimakon −5, domin ta tura ka dama. Baka mai ƙafa kuwa hagu take tura lamba a kowane lokaci. A tambayarmu akwai wurin da −4.75 ɗin nan zai fito, kuma a kansa amsa za ta tsaya ko ta karkace.

Mataki na 2: Bar bakar ita kaɗai, ka mai da iyakokinta cikakku

Duk abin da ke waje da baka, na tarawa ko na ninkawa, kwashe shi zuwa ɗaya ɓangaren. Idan an ba ka 2⌊x⌋ + 1 > 8, ɗebe 1 ka raba da 2, ka sami ⌊x⌋ > 3.5.

To ⌊x⌋ cikakkiyar lamba ce, ba ta taɓa zama 3.5 ko 3.8. Cikakkiyar lamba ta farko da ta wuce 3.5 ita ce 4, don haka rubuta ⌊x⌋ ≥ 4. Haka nan ⌊x⌋ ≤ 2.5 ya koma ⌊x⌋ ≤ 2.

Shawarata ita ce ka mai da kowace alama ta zama ≥ ko ≤ tun a nan, ko da iyakar cikakkiya ce. Cikakkiyar lambar da ta fi −5 dole ta kai −4 ko sama. Tambayarmu ta zama:

−4 ≤ ⌊(3n − 7)/4⌋ ≤ 20

Amfanin wannan shi ne ƙa'idodi biyu kawai za ka riƙe a mataki na gaba a maimakon huɗu. Wanda ya haddace huɗu yakan cakuɗa su idan lokaci ya ƙure.

Hattara: kada ka shigar da mai ninkawa cikin baka. 2⌊x⌋ daban, ⌊2x⌋ daban. Gwada da x = 2.5: na farko 4 ne, na biyu 5. Abin da ke iya shiga ya fita ba tare da ɓarna ba shi ne cikakkiyar lambar da aka tara ko aka ɗebe, kamar ⌊x + 3⌋ = ⌊x⌋ + 3.

Mataki na 3: Cire baka mai ƙafa

Nan ne zuciyar aikin. Idan k cikakkiyar lamba ce:

⌊x⌋ ≥ k daidai yake da x ≥ k

⌊x⌋ ≤ k daidai yake da x < k + 1

Ta farko ba ta canza komai. Ta biyu kuwa tana canza abu biyu a lokaci guda: iyaka ta ƙaru da ɗaya, alama kuma ta tashi daga ≤ ta koma <.

Idan kana son ganin dalili, duba yadda ake faɗin shekaru. A Nijeriya sai mutum ya cika 18 yake zaɓe. Yaro mai shekara 17 da wata 11, in ka tambaye shi, 17 zai ce, domin cikakkun shekaru ake faɗa. Wa ake kira mai shekara 18 ko fiye? Wanda ainihin shekarunsa suka kai 18, ba ƙari ba ragi. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko. Wa ake kira mai shekara 17 ko ƙasa? Duk wanda bai cika 18 ba, har da wanda gobe ne zai cika. Iyakar ba a ranar cika 17 take ba, tana can daf da 18. Wannan ita ce ta biyu.

Mu ɗora su a kan tambayarmu. Ɓangaren hagu ya tsaya yadda yake, na dama ya tashi daga ≤ 20 zuwa < 21:

−4 ≤ (3n − 7)/4 < 21

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne a share bakar kawai a ci gaba, wato a rubuta −5 < (3n − 7)/4 ≤ 20. Za mu ga abin da wannan yake haifarwa a mataki na 6, kuma abin da ban mamaki. Kuskure na biyu shi ne a ƙara ɗayan amma a bar alamar ≤, a rubuta x ≤ 21. Idan x ya faɗa daidai kan 21, ⌊x⌋ ya zama 21, ya wuce 20, ka shigar da wanda ba ya ciki.

Mataki na 4: Warware don n

Yanzu lissafi ne na yau da kullum. Ninka ko'ina da 4:

−16 ≤ 3n − 7 < 84

Tara 7 a ko'ina:

−9 ≤ 3n < 91

Raba da 3. A hagu an sami −3 cif. A dama 91/3 ya ba da 30 da ɗaya bisa uku. Tunda n cikakkiya ce, mafi girman da za ta kai ba tare da ta taɓa 30.33 ba shi ne 30:

−3 ≤ n ≤ 30

Akwai dabarar da nake so a nan, musamman ga wanda ba ya son gutsuren lamba. Tunda 3n cikakkiya ce, 3n < 91 daidai yake da 3n ≤ 90. Ɗebe ɗaya, ka mai da alamar ≤, sannan ka raba ka saukar. Dabarar tana kare ka a wurin da rabon ya fita cif. Da a ce 3n < 90 aka samu, mai gaggawa zai rubuta n ≤ 30, alhali 3 sau 30 ya kai 90 ɗin da aka hana. Da dabarar: 3n ≤ 89, ka raba ka sami 29.67, ka saukar zuwa 29.

Iyakar ƙasa kuwa sama ake ɗaga ta idan rabon bai fita cif ba. 3n ≥ 10 yana nufin n ≥ 3.33, wato n ≥ 4. Idan 3n ≥ −10 ne, n ≥ −3.33, cikakkiyar lamba ta farko a damansa ita ce −3. Duba layin lambobi duk lokacin da iyaka ta faɗa ƙasa da sifili, kada ka dogara da ido.

Hattara: idan n tana ɗauke da alamar ragi a cikin baka, fara cire bakar kafin ka juya alama. Misali ⌊(10 − n)/3⌋ ≤ 1. Cire baka: (10 − n)/3 < 2, wato 10 − n < 6, wato −n < −4. Sai yanzu ka ninka da −1, alama ta juya: n > 4, ke nan n ≥ 5. Gwada ka gani: n = 5 ta ba da ⌊5/3⌋ = 1, ta dace. n = 4 ta ba da ⌊6/3⌋ = 2, ba ta dace ba. A irin wannan yanayi ƙa'idar < ta koma iyakar ƙasa ta n, shi ya sa ba a haddace cewa "kullum iyakar sama ce ke ƙaruwa".

Mataki na 5: Haɗa da zangon da aka bayar, ka ƙirga

Kana da sharuɗɗa biyu yanzu. Tambaya ta ce n daga −10 zuwa 50. Lissafi ya ce n daga −3 zuwa 30. Sai lambar da ta cika duka biyun za a ƙirga. A iyakokin ƙasa ɗauki mafi girma: tsakanin −10 da −3, −3 ce. A iyakokin sama ɗauki mafi ƙanƙanta: tsakanin 50 da 30, 30 ce.

Yawan cikakkun lambobi daga a zuwa b, idan an haɗa da a da b ɗin, shi ne b − a + 1. Don haka:

30 − (−3) + 1 = 34

Idan ɗayan nan da ake ƙarawa yana ruɗa ka, ƙirga ta wata hanya: 1 zuwa 30 lambobi 30 ne, sifili ɗaya, −1 da −2 da −3 uku. Jimla 34. Sifili cikakkiyar lamba ce, kuma ita aka fi mantawa.

Hattara: karanta kalmomin zangon da kyau. Idan an ce lambobin da ke sama da sifili kawai ake so, iyakar ƙasa ta zama 1, amsa ta koma 30. Idan kuma zangon bai haɗu da amsarka ba ko kaɗan, misali an ce daga 40 zuwa 50, lissafin b − a + 1 zai ba ka 30 − 40 + 1 = −9. Babu ƙirga mai alamar ragi. Duk lokacin da iyakar ƙasa ta fi ta sama, amsa sifili ce.

Mataki na 6: Gwada lambobi huɗu na bakin iyaka

Kada ka miƙa takarda ba ka yi wannan ba. Koma ga tambayar ta asali, wadda take da bakarta, ka gwada lamba ta ƙarshe da ke ciki da ta farko da ke waje, a kowane gefe.

A n = −3: (−9 − 7)/4 = −4, bakarsa −4, ya fi −5. Tana ciki.

A n = −4: (−12 − 7)/4 = −4.75, bakarsa −5, bai fi −5 ba. Tana waje.

A n = 30: 83/4 = 20.75, bakarsa 20. Tana ciki.

A n = 31: 86/4 = 21.5, bakarsa 21. Tana waje.

Huɗun sun fito yadda aka zata. Da ɗaya ta saɓa, da ka san gefen da za ka koma ka duba.

Yanzu mu bi mutumin da ya share baka kawai a mataki na 3. Daga −5 < (3n − 7)/4 ≤ 20 zai sami −13 < 3n ≤ 87, wato n daga −4 zuwa 29. Ƙirga su: 29 + 4 + 1 = 34. Amsarsa ta zo ɗaya da tamu! Ya shigar da −4 da ba ta ciki, ya yar da 30 da ke ciki, kuskure biyu suka cinye juna. Irin wannan sa'a ita ke sa ɗalibi ya daɗe yana bin hanya marar kyau bai sani ba. Asirinsa yana tonuwa ne da zarar zango ya yanke gefe ɗaya. A ce daga 1 zuwa 50 aka tambaya, amsa 30 ce, shi zai kawo 29. A ce daga −10 zuwa 20 ne, amsa 24 ce, shi zai kawo 25. Malamin da ke duba jimla kawai ba zai gano inda matsalar take ba, don haka idan kai ne mai koyarwa, sa ɗalibai su rubuta lambar farko da ta ƙarshe tare da jimlar.

Mataki na 7: Idan baka ta fito sau biyu

Akwai yanayi biyu, kuma ba hanya ɗaya ake bi musu ba.

Idan baka iri ɗaya ce ta maimaitu, ba ta suna. Misali ⌊n/4⌋² − 5⌊n/4⌋ + 6 ≤ 0. Kira ⌊n/4⌋ da k, ka sami (k − 2)(k − 3) ≤ 0, wato 2 ≤ k ≤ 3. Daga nan ka koma mataki na 3: 2 ≤ n/4 < 4, ke nan n daga 8 zuwa 15, lambobi 8.

Idan kuwa bakunan sun bambanta, ƙa'idodin mataki na 3 ba za su yi maka aiki ba, domin ba za ka iya barin baka ɗaya ita kaɗai a gaban lamba tsayayya ba. Ɗauki wannan:

Lambobi n nawa ne daga 1 zuwa 100 suka cika ⌊n/2⌋ − ⌊n/3⌋ ≤ 5?

Nemi ƙaramar lambar da 2 da 3 suke raba ta ba saura. Ita ce 6. Rubuta n = 6q + r, inda q shi ne yawan shida-shida da ke cikin n, r kuma saura, daga 0 zuwa 5. Tunda 6q/2 = 3q cikakkiya ce, tana fita daga baka: ⌊n/2⌋ = 3q + ⌊r/2⌋. Haka ma ⌊n/3⌋ = 2q + ⌊r/3⌋. Ɗebe na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne q tare da ɗan ƙarin da r ke kawowa, wato ⌊r/2⌋ − ⌊r/3⌋.

Lissafa ƙarin ga kowane saura. Idan r = 0 ko 1, duka bakunan sifili ne, ƙari 0. Idan r = 2, 1 − 0 = 1. Idan r = 3, 1 − 1 = 0. Idan r = 4, 2 − 1 = 1. Idan r = 5, 2 − 1 = 1.

Saura sun rabu gida biyu. Masu ƙari 0, wato r = 0, 1, 3, suna buƙatar q ≤ 5. Masu ƙari 1, wato r = 2, 4, 5, suna buƙatar q ≤ 4.

Daga q = 0 zuwa q = 4 kowane saura ya dace. Wannan ya ƙunshi n daga 0 zuwa 29, amma zango daga 1 ya fara, don haka a cire sifili, saura 29. A q = 5 gida na farko kaɗai ya dace: 30, 31 da 33. Daga q = 6 zuwa sama babu wanda ya dace. Jimla 29 + 3 = 32.

Hattara: a nan amsar tana da rami. 33 tana ciki, domin 16 − 11 = 5, amma 32 tana waje, domin 16 − 10 = 6. Wanda ya nemo mafi ƙanƙanta da mafi girma ya yi 33 − 1 + 1 zai kawo 33. Wanda kuma yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya ya tsaya da ya ga 32 ta faɗi, zai kawo 31. Lissafin b − a + 1 yana aiki ne kawai idan lambobin a jere suke babu giɓi. Idan abin da ke hannunka kullum hawa yake ko kullum sauka yayin da n ke ƙaruwa, kamar baka ɗaya ko bakuna biyu da aka tara, to a jere amsar za ta zo. Idan an ɗebe wata baka daga wata, yana iya hawa ya sauko ya sake hawa, kuma gwajin lambobi huɗu na mataki na 6 bai isa ba. Sai ka duba dukkan zagayen shida da iyakar ta faɗa a ciki, a nan 30 zuwa 35, da wanda ke biye da shi.

Mataki na 8: Tabbatarwa da na'ura

Idan zangon ƙarami ne, bari na'ura ta gwada duka. Ga tambayarmu ta farko a Python:

```python
jeri = [n for n in range(-10, 51) if -5 < (3*n - 7)//4 <= 20]
print(jeri[0], jeri[-1], len(jeri))
```

Za ta buga `-3 30 34`. Lura da cewa `range(-10, 51)` a 50 yake tsayawa, ba ya haɗawa da lambar ƙarshe, shi ya sa aka rubuta 51. Alamar `//` kuma rabawa ce tare da saukarwa irin ta baka mai ƙafa, har a ƙasa da sifili: `-19//4` ya ba da −5.

Hattara: ba kowane umarni ne mai kama da wannan yake saukarwa hagu ba. A Python ɗin ma, `int(-4.75)` −4 yake bayarwa, domin goge abin da ke bayan ɗigo yake yi. Idan ka sa `int((3*n - 7)/4)` a layin da ke sama, −4 za ta kutsa cikin jerin, na'ura ta buga `-4 30 35`. A C da Java raba cikakkun lambobi ma haka yake, `-19/4` ya ba da −4. A Excel `INT` ita ce mai saukarwa daidai, `TRUNC` kuma mai gogewa ce: `=INT(-4.75)` ya ba da −5, `=TRUNC(-4.75)` ya ba da −4. Kafin ka yarda da kowace na'ura, ko kalkuleta ce, ba ta −4.75 ka ga abin da za ta mayar. Idan ta ce −4, nemi wani umarnin.

Idan zangon ya kai biliyoyi, gwaji ɗaya bayan ɗaya zai ɗauki lokaci mai tsawo. A nan sai ka yi lissafin da hannu kamar yadda aka bi a sama, ka sa na'ura ta gwada hanyarka a ƙaramin zango, sannan ta duba lambobi goma kafin kowace iyakar da ka samo da goma bayanta.